Canjin kaso tsakanin wata da wata idan watan baya babu komai: me za a rubuta a gurbin?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa rahoton sababbin masu rajista na kowane reshe a Excel, ana so in nuna da kashi nawa adadin ya ƙaru ko ya ragu daga watan jiya zuwa wannan. Ga yadda teburin yake, Afrilu a jerin B, Mayu a jerin C:

```
Reshe   Afrilu   Mayu
A       120      150
B       80       92
C       0        40
D                90
```

Fomular da na sa a D2 na jawo ƙasa ita ce `=(C2-B2)/B2`. Reshen A ya ba ni 25%, B ya ba ni 15%, duk daidai. Amma C da D sun fito da `#DIV/0!`, kuma matsakaicin da ke can ƙasa shi ma ya ɗauki wannan kuskuren. Gobe da safe zan miƙa. Don Allah yaya ake kawar da shi?

Nura: Wa alaikis salam. Wannan mai sauƙi ne, nannaɗe ta da IFERROR:

```
=IFERROR((C2-B2)/B2,0)
```

Duk inda ta ci karo da kuskure za ta rubuta 0, matsakaicinki ma zai dawo. Ni haka nake yi a duk takarduna.

Zainab: Na gwada yanzu, kuskuren ya ɓace. Na gode Yaya Nura. Matsakaici ya fito 10%.

Malam Bashir: Malama Zainab, dakata kafin ki tura. Dubi layin reshen C da kyau. Daga mutum 0 ya tashi zuwa 40, rahotonki kuma yanzu yana cewa 0%, wato bai motsa ba. Duk wanda ya karanta zai ɗauka reshen na zaune inda yake, alhali shi ne ya fi kowa labari a wannan watan. Haka D.

Sannan wannan 10% da kika gani ba gaskiya ba ne. Rassa biyu ne kaɗai aka iya lissafa musu canji, 25 da 15, matsakaicinsu 20. Sifili biyun da IFERROR ta dasa su ne suka shiga lissafin, aka raba 40 gida huɗu maimakon gida biyu. AVERAGE tana tsallake akwatin da ba komai da wanda ke da rubutu, amma sifili lamba ce, tana ƙirga shi. Da `#DIV/0!` yana nan kin san akwai matsala. Yanzu matsalar na nan daram, sai dai ba ta nuna kanta.

Nura: Gaskiya ne Malam, 0 ɗin bai dace ba. To a sa "" a maimakonsa, `=IFERROR((C2-B2)/B2,"")`, gurbin ya zama fayau. Ai matsakaicin zai koma 20.

Malam Bashir: Zai koma 20, wannan ka yi daidai, kuma ya fi na farko nesa ba kusa ba. Abin da ya rage mini da IFERROR shi ne ba ta tambayar wane irin kuskure ne. Idan wani ya goge jerin da fomular ke dogaro da shi aka sami `#REF!`, za ta haɗiye. Idan wani ya rubuta harafin O a wurin sifili, 8O maimakon 80, aka sami `#VALUE!`, shi ma za ta haɗiye. Sai ka ga gurbi fayau ka ɗauka watan baya ne babu komai, alhali lambar ce aka shigar ba daidai ba. Na fi son a tambayi abin da ake tsoro kai tsaye, sauran kurakurai a bar su su fito fili a gyara su.

Ɗanjuma: Ni ina ganin tsarin akwatin ne matsalar. Ki zaɓi jerin D, ki danna alamar % da ke sama, ki ƙara faɗinsa. Ni ma nawa ya taɓa cika da alamomin # haka na yi ya gyaru.

Zainab: Malam Ɗanjuma, wancan na ##### ne, idan lamba ta fi ƙarfin faɗin akwati. Nawa rubutu ne sarai, DIV/0.

Ɗanjuma: To na gane. Amma in haka ne me zai hana ki rubuta 100% kawai? Da babu, yanzu akwai, ai ƙarin ɗari bisa ɗari ke nan.

Hajiya Rabi: Ɗanjuma, ni ce mai karanta irin waɗannan rahotannin a wurin aikinmu, kuma wannan 100% ɗin ya sha ɓata mini lokaci. Idan na ga 100% abin da na fahimta shi ne an ninka, daga 40 an koma 80. Idan kuma wanda ya tashi daga 0 zuwa 40 an ba shi 100%, wanda ya tashi daga 0 zuwa 4,000 shi ma 100%, wanda ya sami mutum 1 tak shi ma 100%, to lambar ba ta gaya mini komai ba. Sai na koma ina neman ainihin adadin da kaina.

Malam Bashir: Hajiya ta faɗi zancen. Abin da canjin kaso yake tambaya shi ne: ƙarin da aka samu, wane yanki ne na abin da ake da shi a da? A reshen A ƙarin 30 ne, abin da ake da shi 120, 30 kuwa rubu'in 120 ne, shi ya sa aka ce 25%. A reshen C ƙarin 40 ne, abin da ake da shi 0. Wace lamba ce za ka ninka sifili da ita ta ba ka 40? Babu ita. Ba Excel ce ta gaza ba, tambayar ce ba ta da amsa. Saboda haka duk lambar da muka cusa a gurbin, 0 ce ko 100, mu muka ƙirƙire ta.

Nura: Akwai dabarar da na gani wasu na yi, su ƙara 1 a ƙasa don kada a taɓa raba da sifili, `=(C2-B2)/(B2+1)`. Ba ta kawo kuskure ko sau ɗaya.

Malam Bashir: Gwada ta a teburin Malama Zainab ka gani. Reshen C zai ba ka 40 a raba da 1, wato 4,000%. Reshen A da ba ruwansa zai sauka daga 25% zuwa 24.8%, don yanzu 30 ake rabawa da 121. In ka ce bari in rage ɓarnar ka sa 0.001 maimakon 1, A zai kusan gyaruwa, amma C zai zama 4,000,000%. Ka ga amsar C ta dogara kacokan a kan ƙaramar lambar da ka zaɓa, ba a kan abin da ya faru a reshen ba.

Amma bari in koma kan abin da ya fi damuna a teburin nan, don har yanzu ba mu taɓa shi ba. Malama, reshen C kin rubuta 0, reshen D kin bar shi babu komai. Da gangan ne?

Zainab: Eh Malam. C sabon reshe ne, a Afrilu an buɗe ƙofa amma ba a fara rajista ba, don haka sifili ne na gaske. D kuwa tsohon reshe ne, suna aiki, kawai ba su aiko da adadin Afrilu ba har yanzu.

Malam Bashir: Madalla, to abu biyu ne daban ke nan, Excel ce ta haɗe miki su. A wurin lissafi tana ɗaukar akwatin da ba komai a matsayin sifili, shi ya sa duka biyun suka ba da kuskure iri ɗaya. Har gwajin `B5=0` ma TRUE zai ba ki a kan akwatin da ba a rubuta komai ba. Don haka wanda ya rubuta `=IF(B2=0,"sabo",...)` kaɗai zai kira reshen D sabo, alhali ya daɗe yana aiki.

Ga wadda nake amfani da ita:

```
=IF(COUNT(B2:C2)<2,"babu bayani",IF(B2=0,"daga sifili",(C2-B2)/B2))
```

COUNT lambobi kaɗai take ƙirgawa, kuma sifili yana cikinsu. Idan ta duba akwatin Afrilu da na Mayu ba ta sami lamba biyu ba, to ɗaya ya ɓace, sai a rubuta babu bayani. Idan biyun suna nan sai a duba ko na baya sifili ne. Idan ba sifili ba ne a yi rabon. A teburinki za ki sami 25%, 15%, daga sifili, babu bayani.

Dalilin da ya sa na duba watannin biyu ba na baya kaɗai ba: wata rana wannan watan ne zai makara. A ce reshen A bai aiko da na Mayu ba. Tsohuwar fomularki ba za ta yi ƙorafi ba ko kaɗan, za ta cire 120 daga babu, ta raba da 120, ta rubuta -100%. Sai a ce reshen ya durƙushe. Wannan ya fi `#DIV/0!` haɗari, don yana kama da amsa ta gaskiya, kuma IFERROR ba za ta kama shi ba tunda ba kuskure ba ne a wurinta.

Zainab: Kai, wannan -100% ɗin na taɓa ganinsa a rahoton wani sashe, aka yi ta kiran waya ana tambayar me ya faru. Na sa fomular, ta yi aiki, matsakaici 20%. Tambaya ɗaya: idan watannin biyu duk sifili ne fa?

Malam Bashir: Za ta rubuta daga sifili. In kina son bambantawa ki ƙara wani IF a ciki ya duba C2.

Nura: A nan kam 0% daidai ne ai. Sifili zuwa sifili, ba abin da ya canza.

Malam Bashir: A ma'ana ba ka yi ƙarya ba, ba abin da ya canza. Ni dai ba na sa lamba a wurin, saboda za ta shiga matsakaici ta ja shi ƙasa, kuma reshen da ba ya aiki kwata-kwata zai yi kama da reshen da ya riƙe 200 ɗinsa wata biyu a jere.

Nura: Ni zan ci gaba da sa 0% a wannan kaɗai. Mai karatu yana ganin sifili biyun a gefe ai.

Hajiya Rabi: Wannan kowa da nasa, ba zan ja da ku ba. Ni layin jimla nake so Zainab ta duba. 'Yata, me ya fito miki a can?

Zainab: Afrilu 200, Mayu 372. Ƙarin 86%. Shi ma na ji daɗinsa, Hajiya, don ba kuskure a wurin.

Hajiya Rabi: To shi ne wanda zai ba ki kunya a gaban shugabanni. A cikin 372 ɗin akwai 90 na reshen D, a cikin 200 ɗin kuwa babu komai nasa. Kin auna rassa huɗu da rassa uku. Cire D daga ɓangarorin biyu, Mayu ya zama 282, Afrilu 200, ƙarin ya koma 41%. Tazarar da ke tsakanin 86 da 41 duk takarda ɗaya ce da ba ta iso ba. Jimla ba ta taɓa nuna wannan matsalar da kanta, saboda muddin reshe ɗaya yana da lamba ba za a raba da sifili ba.

Malam Bashir: Haka ne. Hanya mai sauƙi, ki buɗe jerin E ki sa `=COUNT(B2:C2)` a kowane layi, sannan jimlar ta ɗauki layukan da suka cika biyu kaɗai:

```
=SUMIFS(C2:C5,E2:E5,2)/SUMIFS(B2:B5,E2:E5,2)-1
```

Za ta ba ki 41%. Ranar da D suka aiko nasu kika shigar, za su shiga lissafin da kansu.

Kabiru: Ku yi haƙuri in shigo da nawa, ba Excel ba ne amma ciwon ɗaya ne. Ni a PostgreSQL nake fitar da rahoton wata-wata. Da farko tambayar gaba ɗaya ke mutuwa da `division by zero`, sai na sa NULLIF:

```sql
SELECT wata, adadi,
  100.0 * (adadi - LAG(adadi) OVER (ORDER BY wata))
    / NULLIF(LAG(adadi) OVER (ORDER BY wata), 0) AS canji
FROM jimlar_wata;
```

NULLIF na mayar da sifili ya zama NULL, rabo da NULL kuma NULL yake bayarwa, ba mutuwa. Yanzu ba kuskure. Amma akwai wani kaya da ba a sayar ko ɗaya ba a Fabrairu, Janairu 50, Maris 60, sai rahoton ya ce Maris ya ƙaru da 20%. Na zaci NULL zan gani.

Malam Bashir: Injiniya, NULLIF ɗinka lafiyarsa ƙalau, bai ma sami sifilin da zai kama ba. Idan teburin nan daga GROUP BY ya fito, watan da ba a yi ciniki ba ba ya samun layi mai sifili, layin ne babu shi sam. LAG kuwa ba ta san kalanda ba, layin da ke sama take ɗaukowa. Layin da ke saman Maris shi ne Janairu, sai ta cire 50 daga 60 ta raba da 50, ga 20% ɗinka. Alamar da za ka gane da ita: ƙirga layukan kayan a shekara, in ba su kai 12 ba akwai giɓi. Ko ka fito da `LAG(wata)` a gefe ka ga wane wata ake kwatantawa da shi.

Maganin shi ne ka fara gina jerin watanni cikakke, sannan ka jingina bayananka a kai:

```sql
FROM generate_series(DATE '2024-01-01', DATE '2024-12-01',
                     INTERVAL '1 month') AS k(wata)
LEFT JOIN jimlar_wata j ON j.wata = k.wata
```

Da haka Fabrairu zai sami layinsa da NULL, Maris kuma ya dubi Fabrairu. Ka tuna ORDER BY ɗin da `wata` na cikin SELECT su koma kan `k.wata`. In kayan suna da yawa a teburi ɗaya, kowane kaya sai ya sami nasa watanni 12, kuma ka sa PARTITION BY a kan kayan, in ba haka ba watan farko na wani kaya zai kwatanta kansa da watan ƙarshe na wani.

Kabiru: Na gane. To NULL ɗin Fabrairu in bar shi ko in mayar da shi sifili da COALESCE?

Malam Bashir: Tambayar C da D ce ta dawo, kuma rumbun bayanan ba zai amsa maka ba. In ka tabbata an shigar da duk cinikin Fabrairu kuma kayan ne bai fita ba, sifili ne, ka sa COALESCE. Sai Fabrairu ya nuna -100%, wanda gaskiya ne, Maris ya nuna NULL. In kuwa bayanan watan ne ba su shigo ba, ka bar NULL, watannin biyu su fito babu amsa. Abin da nake dubawa shi ne ko sauran kayayyaki suna da layi a wannan watan. In duk sun ɓace tare, to shigar da bayanan ne ya tsaya, ba kasuwa ba.

Kabiru: Sauran suna da shi, wannan kaɗai ne babu. Sifili ne ke nan. Allah ya saka.

Zainab: Wannan ya tuna mini wani abu. A ɗayar takardar tawa, lambobin wata ba da hannu nake shigarwa ba, SUMIFS ce ke tattaro su daga babban jerin. Can fomular Malam ba ta taɓa cewa babu bayani, kullum daga sifili take cewa.

Malam Bashir: Saboda SUMIFS idan ba ta sami layi ko ɗaya ba sifili take dawowa da shi, bambancin ya riga ya goge kafin ya iso ga fomulata. A can za ki gyara: ki fara da COUNTIFS da sharuɗɗa iri ɗaya, in ta ba da 0 akwatin ya zama "", in ba haka ba a yi SUMIFS ɗin. COUNT ba ta ƙirga "" don rubutu ne, sai babu bayani ta fito. Kada dai ki gwada shi da ISBLANK, don akwatin da ke ɗauke da fomula ba fanko ba ne a wurinta ko da ido bai ga komai ba. Wannan yana aiki ne idan kowane reshe na aiko da layinsa duk wata ko da sifili ne. In jerin na mutum ɗaya-ɗaya ne da ya yi rajista, reshen da bai sami kowa ba da wanda bai aiko ba duk ba su da layi, sai kin riƙe wani wuri daban da kike alamta wanda ya aiko.

Ɗanjuma: In za ta zana shi a giraf fa? Rubutu ai ba ya hawa giraf.

Malam Bashir: Wannan tambaya ce mai kyau. Giraf na layi yana ɗaukar rubutu a matsayin sifili, har da "", sai ka ga layin ya faɗo ƙasa a watan. Don giraf ana yin jeri na daban a sa `NA()` a wurin rubutun, Excel ba ta dasa ɗigo a kan `#N/A`. Amma kada a ɗauki matsakaici daga wannan jerin, AVERAGE za ta dawo da kuskuren. Jerin karatu daban, jerin zane daban.

Hajiya Rabi: Ni roƙona ɗaya, Zainab, ki ƙara jerin bambanci na adadi kusa da kason, C2-B2 kawai. Reshen C ya nuna +40 ko da kason babu. Kuma ko watan baya ba sifili ba ne, in ƙarami ne ƙwarai kason yana ruɗi. Daga 1 zuwa 50 ƙarin 4,900% ne, wanda ya gani sai ya manta da reshen da ya ƙara mutum 300 a kan 2,000.

Zainab: Na ƙara. Kuma yanzun nan reshen D suka turo na Afrilu, 85 ne. Layinsu ya koma 5.9%, jimla ta zama 285 zuwa 372, wato 30.5%.

Nura: Daga 86 zuwa 30.5. To amma ni ina da ja a kan C. In an cire D don ba a iya kwatanta shi ba, me ya sa aka bar C a jimla? Sabon reshe ne, 40 ɗinsa ba ƙarin tsofaffin rassa ba ne. A, B da D kaɗai 285 zuwa 332 ne, 16.5%.

Malam Bashir: Ni zan bar shi. Sifilinsa na gaske ne, mutum 40 ɗin kuma sun yi rajista da gaske, jimlar ta ƙaru da su.

Hajiya Rabi: Ni kuwa a nan ina bayan Nura. In ana so a san ko aikin rassa yana kyau, 16.5% ce amsar. In ana so a san girman ƙungiyar gaba ɗaya, 30.5% ce. Wanda ya ce ki haɗa rahoton, wanne yake nema?

Zainab: Bai fayyace ba, Hajiya, cewa kawai ya yi canjin wata. Zan sa layi biyu a ƙasa, ɗaya duka rassa, ɗaya ban da sabon reshe, in tambaye shi da safe wanne zai shiga shafin farko.